Kashi 77 na me? Fashin baƙi kan yadda ake karanta maƙalar binciken kimiyya a karon farko

Idan aka ce "bincike ya nuna rigakafin zazzaɓin cizon sauro yana aiki da kashi 77 cikin ɗari", me aka auna, a jikin wa, kuma na tsawon wane lokaci?

Tun da aka fara yi wa yara allurar rigakafin maleriya ta R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, wannan lamba take ta yawo a wayoyin mutane. A majalisarmu ta bayan la'asar a nan Ƙofar Ƙaura na ji an fassara ta iri biyu a zama ɗaya. Wani ya ce ai ma'anarta yara 77 cikin ɗari sun rabu da maleriya har abada. Wani kuma ya tafa hannu ya ce, "To sauran 23 ɗin fa? Su ne waɗanda allurar za ta nakasa ke nan." Duk su biyun ba haka ba ne, kuma babu wanda ya taɓa buɗe takardar da lambar ta fito daga cikinta.

Ana cikin haka sai ga 'yar ƙanwata, ɗalibar aji biyu a jami'a, ta zo gida da wannan takardar a buge, malaminsu ya ba su aiki a kanta. Duk shafin farko ta ja masa layi da jan biro, sauran shafukan kuwa fes suke kamar ba a taɓa su ba.

"Kawu, sau uku na karanta shafin nan. Turancin na gane, amma ban san abin da suke cewa ba."

Abin da muka yi da ita a tsakar gida a daren nan shi zan bi a nan, domin takardar ta dace da mai koyon karatu. Mujallar The Lancet ce ta buga ta a watan Mayun 2021, kan gwajin da aka yi a Nanoro ta ƙasar Burkina Faso. Wanda ya rubuta `R21 Matrix-M Nanoro Lancet 2021` a Google Scholar zai same ta.

## Tsakure: samfur ne, ba buhun ba

Kowace maƙalar kimiyya tana buɗewa da tsakure, wato 'yan sakin layi da suka dunƙule aikin gaba ɗaya. Yawancin mujallu suna sa masa kan "Abstract", ita kuwa The Lancet "Summary" take rubutawa. Marubutan ne da kansu suke tsara shi, a cikin kalmomi ƙididdigaggu, saboda haka abin da suka fi so a gani shi suke sawa gaba. Ba ƙarya ba ce. Amma wanda ya je sayen gero a kasuwa ya san ƙwayar da ke bakin buhu ba ita kaɗai ake dubawa ba.

Kuma a nan ne yawancin 'yan jarida da masu tura saƙo suke tsayawa. Sakamakon wannan gwajin ma ya shiga labarai tun a watan Afrilu, lokacin da aka saki rubutun kafin mujalla ta gama tantance shi. Tantancewar nan ita ce a tura aikin ga wasu masana fannin su yi masa tankaɗe da rairaya kafin a buga. Tana kama kurakurai da yawa, amma masu tantancewar ba sa zuwa Nanoro su sake gwajin, abin da aka rubuto musu suke dubawa.

Na ce wa yarinyar ta karanta tsakuren sau ɗaya tak, ta fitar mini da abu huɗu a bayan takarda: su wa aka gwada, me aka ba su, da wa aka kwatanta su, me aka ƙirga. Ta rubuta: yara 450 masu wata 5 zuwa 17, allurar R21, wasu yaran da aka yi wa wata allura daban, yawan waɗanda suka kamu da zazzaɓi. Daga nan na ce ta tsallake gabatarwa. Gabatarwa tarihi ce da dalilin yin aikin, tana da amfani ga baƙo a fannin, amma ba ta gudu, ana iya dawo mata.

## Hanyoyin bincike: a nan tambayar take ɓoye

Sashen da aka sa wa kan "Methods" shi ne mafi gundura, shi ne kuma wanda in ka tsallake shi ba ka karanta komai ba. Lambar da ke tsakure amsa ce. Tambayar da aka amsa kuwa a nan aka rubuta ta, kuma kusan kullum ta fi wadda ke kan mai karatu ƙunci.

An raba yaran gida uku, 150 a kowane rukuni. Rukuni na ɗaya da na biyu duk R21 aka yi musu, adadi ɗaya, bambancin kawai yawan Matrix-M da aka haɗa, wani sinadari ne mai zaburar da garkuwar jiki ta amsa wa allurar da ƙarfi. Na ɗaya maikirogiram 25, na biyu 50. Rukuni na uku kuma allurar rigakafin cizon mahaukacin kare aka yi musu.

A nan ta ɗago kai. "Kawu, me ya kawo kare cikin maganar sauro?"

Tambayar ta yi kyau. Ana bukatar rukunin da bai samu R21 ba, domin a ga abin da zai faru in babu ita. In ba haka ba, a ce damina ta yi ƙarancin ruwa, sauro ya ragu, sai a yaba wa allura aikin da fari ya yi. To amma in aka bar waɗannan yaran ba allura, iyaye za su sani, ma'aikata ma za su sani. Uwar da ta san ɗanta bai samu ba tana iya rugawa asibiti da zarar jikinsa ya ɗan yi ɗumi, wadda ta san nata ya samu kuma ta ce ai haƙori ne, ta zauna. Sai ƙidaya ta karkace tun kafin a fara. Shi ya sa ake yi wa kowa allura, a ɓoye wa iyaye da masu duba yaran wanne ne wanne. An zaɓi ta cizon kare don ba ta da ruwa da maleriya, kuma yaron da aka yi wa bai tashi a banza ba.

Wa ya zaɓi wane yaro zai shiga wane rukuni? Ba kowa. Ƙuri'a ce ta na'ura. Da likita ne ke zaɓa, ko bai yi niyya ba zuciyarsa na iya karkata ya tura ƙosassun yara gefe ɗaya. Ƙuri'a ba ta san ɗan mai gari ba. Ita ce ke sa mai gidan sauro da marar shi, na bakin fadama da na kan tudu, su watsu a rukunan daidai gwargwado. Don haka in ka ɗauki kowace maƙala da ke cewa magani kaza yana warkar da kaza, fara neman kalmar "randomised" da kuma rukunin kwatance. In ba su, abin da ke hannunka labarin abin da aka lura da shi ne, bai kai hujjar cewa maganin ne ya yi aikin ba.

Sai abin da aka ƙirga. A wurinmu duk zafin jiki "maleriya" ce, mai kemis ma haka zai ce maka. A takardar nan ba a rubuta yaro ya kamu sai abu biyu sun haɗu: zafin jikinsa a hammata ya kai digiri 37.5 ko fiye, sannan an ga ƙwayoyin cutar fiye da 5,000 a kowace maikirolita ta jininsa. Dalilin sa wannan iyaka shi ne, a inda cutar ta yi katutu yara da yawa suna yawo da 'yan ƙwayoyi a jini lafiyarsu ƙalau. In mura ta sa wa irin wannan yaron zazzaɓi, aka gwada aka ga ƙwaya kaɗan, bai kamata a ɗora wa sauro laifin ba.

Na ƙarshe, wanda ya fi shafar mu, shi ne lokaci. An ɗebi yaran tsakanin Mayu da Yunin 2019, aka yi musu allura uku da tazarar mako huɗu-huɗu, aka gama ta ukun a farkon Agusta. Nanoro irin ƙasarmu ce, sauro da damina suke zuwa. Ke nan an saita alluran ta yadda garkuwar yaran za ta kai ƙololuwa daidai lokacin da zazzaɓi yake shigowa gari. Aka fara ƙirga kwana 14 bayan allura ta uku, har wata shida, kuma kamun farko ake ƙirgawa.

Da muka zo nan na ce ta sake rubuta tambayar da kalmominta. Ta rubuta: idan aka yi wa ƙananan yara allura uku gab da lokacin sauro, yaya haɗarin kamuwarsu ta farko zai kasance cikin wata shida, in an kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba? Babu "har abada" a ciki. Babu maganar mutuwa.

## Sakamako: a fara da ƙidayar kawuna

A sashen "Results" shawarata a bar rubutu a fara da zane da tebur. Zanen farko a irin wannan maƙala akwatuna ne da kibau, yana nuna inda kowane yaro ya shige. An duba yara 498, aka ajiye 48, aka ɗauki 450. Amma a lissafin wata shida za ka ga 146, 146 da 147. In ka haɗa 439 ne, goma sha ɗaya sun fita daga lissafi. Wannan kaɗan ne, kuma ya watsu a duk rukunan. Da a ce arba'in ne suka ɓace daga rukuni ɗaya, da sai a tsaya a tambaya, don wataƙila waɗanda allurar ta wahalar ne iyayensu suka ƙi dawowa. Teburin farko kuma yana jera kamannin rukunan kafin a fara, kamar shekaru da jinsi, don ka tabbatar ƙuri'ar ta raba daidai.

Ga ainihin ƙidayar. A rukuni na ɗaya yara 43 cikin 146 sun kamu. A na biyu 38 cikin 146. A na uku, masu allurar cizon kare, 105 cikin 147.

A dakata a kan lambar ƙarshen nan. Yara bakwai cikin goma sun kwanta da zazzaɓi a damina ɗaya. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin yara na asibiti a Katsina cikin watan Satumba ba zai yi mamaki ba. Sannan a dubi ta tsakiya: a rukunin da ya fi samun kariya ma, yaro ɗaya cikin huɗu ya kamu. Ga amsar mutumin majalisarmu na farko. Na biyun kuma, babu inda aka ce 23 sun nakasa. Lambar gaba ɗaya kwatance ce tsakanin rukuni biyu.

## Me ya sa lissafinta ya ba da 64?

Yarinyar nan ba ta da wasa. Ta ɗauki waya ta buga:

```
38/146 = 0.26
105/147 = 0.71
1 - ((38/146)/(105/147)) = 0.64
```

"Kawu, ni fa 64 na samu. Su ina suka samo 77? Ko dai sun yi ƙari ne?"

Ba su yi ƙari ba, kuma ita ma ba ta yi kuskure ba. Abu biyu daban suka auna. Ita ta tambayi mutum nawa suka kamu zuwa ƙarshen wata shida. Su kuma sun tambayi da wane sauri ake kamuwa. A sashen hanyoyi, ƙarƙashin lissafi, an faɗa cewa da tsarin Cox aka yi, wanda ke la'akari da tsawon lokacin da yaro ya ɗauka kafin ya kamu. Abin da yake fitarwa shi ne za ka gani an rubuta "hazard ratio", sai a cire shi daga ɗaya a samu ingancin allurar.

Ga yadda na kwatanta mata. A ce yara biyu ne, ɗaya ya kwanta a mako na uku, ɗaya sai a wata na biyar. A ƙidayarta duk ɗaya suke, kowa ya kamu. A tsarin Cox kuwa na biyun ya ci wata huɗu da 'yan kai yana lafiya alhali sauro na cizonsa, kuma ana lissafa masa wannan. Akwai kuma wani abu. Tunda kamun farko ake ƙirgawa, duk wanda ya kamu ya fita daga layi. Rukuni na uku sun yi ta faɗuwa da wuri har waɗanda suka rage a layin suka yi kaɗan, ƙidayarsu ta kusa cin karo da rufi, tunda ba ta iya wuce ɗari bisa ɗari komai zafin cutar. Shi ya sa a inda cuta ta yi yawa haka, lambobin biyu suke yin nisa da juna. Da cutar mai wuyar samu ce, da kusan ɗaya za su zo.

Wace ce gaskiya? Duka. Amma in uwa ce ta tambaye ni, ba 77 zan faɗa mata ba, ba kuma 64 ba. Zan ce: a garin da aka yi gwajin, cikin yara ɗari marasa allurar kimanin 71 sun kamu a daminar, cikin ɗari masu ita kimanin 26. Yara 45 ke nan a kowane ɗari suka tsallake. Wannan kowa zai gane, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

## Lambobin da ke biye da lamba

Kusa da 77 an rubuta `95% CI 67–84`, wato wata tazara daga 67 zuwa 84. Sabon mai karatu yakan tsallake wannan, alhali shi ne ke gaya maka nauyin lambar. In ka ɗebi tiya ɗaya daga buhu ka ƙirga tsakuwa, ka sake ɗiban wata, ba za su zo daidai ba. Yaran Nanoro 146 tiya ɗaya ce. Tazarar tana cewa abin da aka gani ya dace da ingancin da zai iya yin ƙasa har 67, ko sama har 84. Yawan waɗanda aka gwada ne ke matse ta.

Abu biyu ake dubawa. Na ɗaya, ko tazarar ta taɓo sifili. Da an ga daga ƙasa da sifili zuwa 60, ma'anarsa ba a kore yiwuwar cewa allurar ba ta yin komai ba. A nan ƙasan ma 67 ne, don haka babu shakka tana aiki. Na biyu, kwatanta rukunan. Na ɗaya ya samu 74, tazararsa 63 zuwa 82. Ta hau kan ta rukuni na biyu kusan gaba ɗaya, saboda haka daga waɗannan lambobin kaɗai ba za ka rantse cewa 50 ta fi 25 ba. Haka kuma, an yi ta yayata cewa allurar ta haye kashi 75 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin buri. Lambar tsakiya ta haye, amma ƙasan tazarar bai kai ba.

## Masu yarda da masu tababa

Masu yarda suna cewa babbar mujalla ce, ƙuri'a aka yi, an ɓoye rukunai, me ya rage? Masu tababa kuma suna cewa waɗanda suka ƙirƙiro allurar su suka gwada ta. Ba na raina wannan tababa. Mutanen da suka ji labarin gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, suna da dalilin tambaya. Abin da nake cewa kawai, amsar tana cikin takardar, a nema. Can ƙarshe akwai "Declaration of interests", inda aka bayyana cewa wasu marubutan sunayensu na cikin takardun neman mallakar fasahar R21, wasu kuma ma'aikatan kamfanonin da ke sarrafa ta ne. Wannan bai rushe sakamakon ba, amma ya isa ya sa ka karanta sashen "Discussion" da ido biyu, don a can ne marubuta ke faɗin ra'ayinsu a kan lambobinsu. A sashen hanyoyi kuma za ka ga wane kwamitin ɗa'a ya amince, da yadda aka nemi izinin iyaye, abin da aka yi ta shari'a a kansa a batun Kano.

Batun illa, takardar ta ambaci munanan larurori bakwai da suka samu yara a lokacin gwajin, kuma babu wadda aka alaƙanta da allurar. Sai dai yara 300 ne kacal suka karɓi R21. Masu lissafi suna da wata ƙa'ida ta kan hannu: in ba ka ga abu ko sau ɗaya ba a cikin mutum kaza, raba uku da adadinsu, ka samu iyakar da abin zai iya kaiwa. Uku a raba da 300, ɗaya cikin ɗari. Wato gwaji mai wannan girman ba ya iya gano illar da ke samun yaro ɗaya cikin dubu. Haka kuma ya yi ƙanƙanta ya faɗi ko mace-mace sun ragu. Ba aibi ba ne, mataki na biyu ne na gwaji, kuma an rubuta "phase 2b" tun a tsakure.

## Wace lamba ce ta yaran Katsina?

Gwajin mataki na uku ya biyo baya, an buga shi a 2024: yara kimanin 4,800 masu wata 5 zuwa 36, a wurare biyar cikin Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya. A inda aka yi alluran gab da damina an samu 75 a shekara ɗaya, tazara 71 zuwa 79. A inda aka yi su ba tare da jiran lokacin sauro ba an samu 68, tazara 61 zuwa 74. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar a watan Oktoban 2023.

Ta fuskar yanayi mun fi kama da Nanoro, zazzaɓinmu na damina ne, shi ya sa ma ake bin gida-gida ana raba wa 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya wata-wata a lokacin. Amma tsarin da Najeriya ta ɗauka na bin watannin yaro ne: wata 5, 6, 7, sai ta huɗu a wata 15. Yaron da aka haifa a Janairu zai gama allurarsa ta uku a Agusta, kamar yaran Nanoro. Wanda aka haifa a Yuni kuwa zai gama a Janairu, cikin hunturu, garkuwarsa ta yi wata shida tana sauka kafin sauro ya dawo. Lambar 77 an auna ta ne a kan irin na farkon.

Da na faɗi haka sai ta juya bayan takardar, inda ta rubuta tambayarta, ta ja layi biyu ƙarƙashin "gab da lokacin sauro". Sannan ta ƙirga da yatsu. Ƙaninta na goye a watan Yuli aka haife shi.